Kalma ɗaya, ma'ana biyu: yadda "haƙƙi" ke sayar da gonar aro

Wannan lacca ce da wani malamin Manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, ya gabatar ga ɗalibai da dattawan unguwa a Birni, cikin garin Damagaram. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Jama'a, assalamu alaikum. Yau kuskure guda ɗaya zan ɗauka cikin kurakuran hujja, wato inda kalma ke shiga magana da wata ma'ana, ta fita da wata, mai saurare bai ankara ba. Malaman Manɗiƙi na kiransa ishtirakin lafazi. Aristo ya lissafa shi cikin ruɗu 13 da ya tattara. Shehu Abdurrahman Ahalari, wanda yaranmu ke karanta littafinsa na tsarki da salla, shi ma ya ambace shi a ƙarshen waƙensa na Manɗiƙi mai suna Sullam, kuma da shi ya fara cikin kurakuran da ke shiga hujja ta hanyar lafazi.

A ɗauka wani dattijo a ƙasar Mirya ya ba maƙwabcinsa aron gona. Ba takarda, sai shaidu biyu. Mai aron ya sassabe ta, ya zuba taki, ya bar gawo ya girma a ciki, ya yi shekara 20 yana noma. Dattijo ya rasu. Sai ga mai saye daga gari da kuɗi a hannu, mai aro kuma ya yarda zai sayar. Da magada suka taso, ga abin da ya faɗa a gaban mai gari:

Duk wanda ke da haƙƙi a kan gona yana iya sayar da ita.
Ni ina da haƙƙi a kan gonar nan.
Saboda haka ina iya sayar da ita.

Ku saurara da kyau, babu ƙarya a fili a nan. Jimla ta farko kowa zai gyaɗa kai. Ta biyu ma haka, don wa zai ce mutumin da ya zuba guminsa shekara 20 ba shi da haƙƙi? Amma sakamakon ya fito a karkace, kuma magada suna jin an cuce su, sai dai ba su iya nuna inda cutar ta shiga ba. Daga nan ne ake ɗaga murya, a fara rantse-rantse.

Hujja irin wannan tana tsayuwa ne a kan abubuwa uku: mai aro, haƙƙi, da ikon sayarwa. Na tsakiyar, wanda ake kira haddul wasaɗi, shi ne ke ɗaure sauran biyun, kuma sharaɗinsa ya zama abu ɗaya a jimlolin biyu. To a jimlar farko, haƙƙi na nufin mallakar asalin ƙasar, irin wadda ake samu ta gado ko saye ko kyauta. A ta biyu kuwa yana nufin haƙƙin cin moriya, wato ya noma, ya girbe, kada a kore shi tsakiyar damina. Ashe abubuwa huɗu ne a cikin hujjar, kunne ne ya ji uku. Kamar ɗan kasuwa ne da ke aunar hatsi da babbar tiya in zai saya, ya ɗauko ƙarama in zai sayar, duka biyun kuma sunansu tiya.

Ga yadda ake kama shi, kuma ina so ɗalibai su rubuta. Cire kalmar da kake zargi, ka sa cikakken bayaninta a gurbinta, bayani ɗaya tak, ka karanta hujjar tun daga sama. Mu sa mallaka. Duk wanda ya mallaki gona yana iya sayar da ita: gaskiya ne. Ni na mallaki gonar nan: ƙarya ne, aro aka ba shi, shaidu suna raye. Yanzu mu sa moriya. Ni ina da haƙƙin cin moriyar gonar nan: gaskiya ne. Duk wanda ke da haƙƙin cin moriyar gona yana iya sayar da ita: ƙarya ne, da haka ne da mai haya da mai jingina duk sun sayar da gonakin mutane. Ko ta ina ka bi, jimla ɗaya sai ta faɗi. Wannan ita ce alamar ruɗin: jimlolin biyu ba sa zama gaskiya tare sai an bar kalmar ta sauya a tsakani.

Abin da ya sa yake cin mutane shi ne kusancin ma'anonin. In na ce ruwa halal ne, kuɗin ruwa ma ruwa ne, ko yaro zai gane wasa nake. Amma mallaka da moriya a gona ɗaya suke zaune, mutum ɗaya kan riƙe su duka a mafi yawan lokaci, don haka kunne ya saba jin su a haɗe. Shi ya sa ba na gaggawar kiran mai aron nan macuci. Sau da yawa shi ne mutum na farko da hujjar ta ruɗa. Tarihinmu ma ya taimaka: a 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta ci gaba da zama a hannun wanda ke noma ta, mutane da yawa kuma suka ji zama a hannu kamar mallaka. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa da ta kafa, waɗanda muke kira Kofo, sun raba takardu, ta saye daban, ta kyauta daban, ta aro daban, ta jingina daban. A ganina babban amfanin wannan rabon shi ne ya tilasta wa mutum ya faɗi wane haƙƙi yake nufi.

Sai dai kada ku fita daga nan kuna zargin kowace kalma. Samun ma'ana biyu ba laifi ba ne. Kalmar ƙuru'i a ayar idda tana ɗaukar tsarki, tana ɗaukar haila. Malikawa suka ɗauki tsarki, Hanafawa suka ɗauki haila, kowa ya bayyana zaɓinsa ya tsaya a kansa har ƙarshen hukunci. Wannan saɓani ne na gaskiya. Ruɗi yana zuwa ne in mutum ɗaya ya yi aiki da ma'ana biyun a cikin hujja ɗaya. Kuma ku sani, rushe hujjar mai aro bai nuna ba shi da komai ba. Guminsa na nan, takinsa na nan, maganar diyya ƙofa ce a buɗe. Ikon sayarwa kawai ya kasa tabbatarwa.

A nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Allah gafarta malam, to hauzi fa? Ba an ce wanda ya riƙe wuri shekara 10 mai shi na gani bai yi magana ba, an daina sauraren mai shi ba?"

Malam ya ce: Baba, haka yake a Risala, kuma tambayarka ta zo daidai, don kalmar riƙe ma tana iya yi mana irin wannan sauyin. Riƙon da ake nufi a hauzi shi ne mutum ya riƙe wuri a matsayin nasa, mutane suna jingina masa shi, mai shi yana nan, ya sani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru. Wanda aka san ya shiga ta aro, riƙonsa da izini ne, shirun mai gona kuma ci gaban izinin ne. Don haka abin da mai gari zai fara tambayar shaidun nan biyu shi ne: ranar da mutumin nan ya fara shiga gonar, da wane suna aka ba shi ita? In sun ce aro, shekara 20 ba ta mayar da ita tasa.