Ragin Farashi: Yaushe Yake Ƙara Ciniki, Yaushe Yake Cinye Shi?

Ka taɓa yin ragi a shagonka, mutane suka yi ta shigowa, amma da ka ƙirga kuɗi da yamma sai ka ga ba su kai na jiya ba? To, zauna mu yi lissafin tare.

Mu ɗauki misalin mai atamfa a Kantin Kwari. Yana sayar da turmi a naira 10,000, kuma a mako yakan sayar da turmi 40. Cinikin mako ke nan naira 400,000. Sai ya ce bari ya sauke farashi zuwa 9,000, wato ya rage kashi 10 cikin ɗari. A makon sai ya sayar da turmi 50.

Ga yadda ake auna abin. Daga 40 zuwa 50, an samu ƙarin turmi 10, wato kashi 25 cikin ɗari. Sai ka raba wannan 25 da 10 ɗin da aka rage a farashi. Amsa: 2.5. Wannan adadin shi ne ma'aunin yadda masu saye ke motsawa idan farashi ya motsa. Masana tattalin arziki suna kwatanta shi da danƙo, wani kayan ka ja kaɗan ya tale sosai, wani kuma ko gezau. Idan adadin ya haura 1 sosai, ragi zai ƙara ciniki. Duba nan: turmi 50 sau 9,000, naira 450,000. Ya ƙaru da 50,000.

Yanzu mu leƙa wurin mai gishiri. A ce mudu naira 1,000 ne, yana sayar da mudu 100 a mako. Shi ma ya rage kashi 10, sai ya sayar da 103. Raba 3 da 10, ka samu 0.3, ƙasa da 1. Cinikinsa ya faɗo daga 100,000 zuwa 92,700. Dalili a fili yake: babu uwargidan da za ta ƙara wa miya gishiri don ya yi araha. Atamfa kuwa ana iya jinkirta sayenta, ana iya tsallakawa shagon gaba, kuma kuɗinta na taɓa aljihu, don haka ragi yana jawo wanda da ma yake ta shawara.

Akwai wani ɗan tarko a nan da yake kama mutane. Ragin kashi 10 ba ƙarin kashi 10 yake buƙata kafin ka koma inda kake ba, ya fi haka kaɗan. Raba tsohon cinikinka da sabon farashi: 400,000 a raba da 9,000, ya ba da 44 da ɗoriya. Sai mai atamfa ya sayar da turmi 45 kafin ya wuce cinikin da. Kuma iya zurfin ragin, iya nisan tafiyar: ragin kashi 20 na buƙatar ƙarin kashi 25, rabin farashi kuwa sai ka ninka abin da kake sayarwa. Wannan lissafin za ka iya yinsa tun kafin ka taɓa farashi, sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah: zan iya sayar da wannan adadin?

Sai kuma maganar lokacin gwaji. In ka yi ragin ana saura mako biyu sallah, adadin da za ka samu yaudara ce, domin ko ba ragi mutane za su sayi kayan sallah. Gwada a mako irin na yau da kullum, kan kaya iri ɗaya, ka rubuta a littafi. Kada kuma ka rufe littafin da wuri. In ciniki ya yi ƙasa a makonni biyun da suka biyo baya, kwastomominka ne na kullum suka sayi na gobe a yau. In maƙwabcinka ma ya sauke nasa, masu tsallakowa za su koma inda suka fito, ku biyun ku zauna da ƙaramin farashi.

Mu koma wurin mai atamfa, domin 450,000 ɗin nan ciniki ne, ba riba ba. A ce yana saro turmi a 8,000. Da, yana cin 2,000 a kan turmi 40, ribarsa 80,000. Yanzu yana cin 1,000 a kan turmi 50, ribarsa 50,000. Shago ya cika, yaran shago sun sha ɗaga kaya, amma ribarsa ta ragu da 30,000. Kafin ya dawo da tsohuwar ribarsa a farashin 9,000, sai ya sayar da turmi 80 a mako.