An biya ka fansho fiye da ƙima, yanzu sun ce za su riƙa cirewa: me za ka yi?

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar wata takarda za mu yi, wadda idan ta iso hannun ɗan fansho sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Takardar da ke cewa mun duba fayil ɗinka mun gano an yi kuskure, an daɗe ana biyanka fiye da abin da ya kamata, don haka daga wata mai zuwa za mu fara cirewa daga fanshonka har kuɗin su dawo. Mutum ya gama aiki shekara da shekaru, bai saci ko sisi ba, bai roƙi ƙari ba, rana ɗaya a ce masa ana binsa bashi. Abin da ciwo wallahi, kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga cikin iyayenmu suna karɓar takardar nan kamar hukuncin kotu, alhali lissafin ofis ne kawai, kuma ofishin da ya yi kuskure a biya zai iya yin kuskure a lissafin bashin ma.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani dattijo ne, mu ce masa Baba. Lambobin na misali ne, kowa ya ɗauke su da kuɗin ƙasarsa. Haƙƙin Baba a wata 40,000 ne, amma lokacin da ake sabunta bayanai sai wani ma'aikaci ya saka shi a matakin albashin da ya fi nasa, aka koma tura masa 46,000. Bambancin 6,000 kenan duk wata. Takardar ta ce an yi wata 30 ana haka, wato 180,000, kuma za a riƙa cire 20,000 har tsawon wata 9.

To a nan ne mutane ke rikicewa, don ragi biyu ne ke faɗo wa Baba a lokaci guda kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ne gyara, an mayar da shi daga 46,000 zuwa 40,000 ɗinsa na gaskiya. Idan har kuskuren gaskiya ne, wannan da wuya ka hana shi, don ba wanda zai tilasta wa ofis ya ci gaba da biyan abin da ba haƙƙinka ba. Na biyun shi ne cirewa, wato 20,000 ɗin da za a zare daga cikin 40,000 don biyan na baya. Kun ga mutumin da ya saba ganin alat na 46,000 zai wayi gari ya ga 20,000, ƙasa da rabi. Wannan na biyun shi ne inda kake da bakin magana, kuma sosai ma.

Kafin mu je can, gaskiya ɗaya mai ɗaci. Cewa "ai laifinsu ne, ba nawa ba" shi kaɗai ba ya share bashin a yawancin tsare-tsare. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kuɗin da aka biya bisa kuskure ana iya neman a dawo da su, musamman da yake asusun fansho na mutane da yawa ne, masu kula da shi amana ce a hannunsu. Amma ikon nema daban, yadda za a nema daban. Kana da haƙƙin a sanar da kai a rubuce kafin a taɓa kuɗinka, a nuna maka lissafi, a kuma ba ka damar ka ce ban yarda ba.

Abin da Baba zai fara tambaya shi ne, shin lissafin nan daidai ne? Kada ya tsaya kan jimla. Ya rubuta ya nemi a ba shi lissafin wata-wata: wane wata kuskuren ya fara, nawa aka biya, nawa ya kamata a biya, kuma mene ne sanadin. Sai ya je banki ya karɓo sitatimen na duk watannin, ya ɗauko takardar da aka ba shi lokacin ritaya mai ɗauke da matakinsa da adadin fanshonsa, ya zauna da ɗansa ko 'yarsa su jera su layi-layi. A misalinmu da suka jera sai suka ga watanni 6 na farko 40,000 ne ya shiga asusun, ƙarin bai fara ba sai a wata na 7, ofis ya ƙirga daga ranar da aka canza bayanan a kwamfuta ne ba daga ranar da kuɗin suka fara fita ba. Kenan wata 24 ne ba 30 ba, bashin 144,000 ne ba 180,000 ba. 36,000 ta sauka tun ba a je ko'ina ba. Irin wannan zaman ne kuma ke tono wasu abubuwan, kamar a ce an ƙirga kuɗin kafin cire haraji alhali abin da ya shigo hannunka bayan haraji ne, sai ka tambaya ya za a yi da harajin da aka riga aka cire, ko kuma a ce akwai ariyas da kai kake binsu ba su saka a lissafi ba.

Tambaya ta gaba ta fi nauyi: ko da lissafin ya yi daidai, dole ne in biya duka? A nan abin da ake dubawa shi ne zuciya ɗaya. Ka san ana biyanka fiye da ƙima, ko ya kamata a ce ka sani? Ƙarin 6,000 a kan 40,000, a daidai lokacin da ake sabunta bayanai, mai hankali zai iya ɗauka ƙarin fansho aka yi. Amma da a ce alat biyu ke shigowa duk wata, ko kuma iyali suka ci gaba da cirar fanshon mamaci ba su kai rahoton rasuwa ba, to wannan hujjar ta faɗi, na ƙarshen ma yana iya zama laifi. Idan kuwa ka taɓa zuwa ofis ka ce kuɗin nan kamar sun yi yawa aka ce maka daidai ne, wannan hujja ce babba, sai dai tana buƙatar shaida, kwafin wasiƙa ko saƙon waya ko aƙalla kwanan wata da sunan teburin da ka je.

Sai kuma me ka yi da kuɗin. Dokokin ƙasashe da dama sun yarda da wannan kariyar: idan ka kashe kuɗin da zuciya ɗaya a kan abin da ba za ka yi ba da ka san gaskiyar adadin, kuma abin ba ya dawowa, ana iya yafe wannan ɓangaren. A ce Baba ganin fanshonsa ya ƙaru ya ɗauki nauyin karatun jikansa, 3,000 duk wata tsawon wata 24, ga rasit na makaranta, 72,000 kenan da sun tafi ba za su dawo ba. Zai iya neman a cire wannan daga bashin. Amma idan kuɗin na ajiye a asusu, ko ya sayi abin da za a iya sayarwa, ko ya biya bashin da dama dole ya biya, to kariyar ba ta cika aiki ba. Kuma ku lura, nema ne, ba tabbas ba ne, mai yanke hukunci zai duba takardu, shi ya sa nake ta nanata rasit.

Yanzu saurin cirewa. Wannan shi ne ya fi sauƙin samu, amma mutane ba sa nema saboda ba su san ana tattaunawa a kai ba. Mai sauraron ƙorafin fansho na Birtaniya yana da wani ma'auni da ya saba bi, cewa lokacin biyan bashin kada ya gaza tsawon lokacin da aka yi ana kuskuren. Ko da a ƙasarku ba doka ba ce, hujja ce mai kyau da za ka ɗora a tebur. Wata 24 aka yi ana ƙara wa Baba 6,000, to a cire 6,000 na wata 24, ya rage masa 34,000 maimakon 20,000. Idan hakan ma ya yi masa nauyi sai ya rubuto abin da yake kashewa a wata, haya, magani, abinci, wuta da ruwa, mutanen da ke ƙarƙashinsa, ya nuna abin da zai iya ba tare da ya rasa magani ba.

Duk wannan a rubuce ake yi, kuma cikin wa'adi. Ka duba takardar da kyau, galibi akwai adadin kwanakin da aka ba ka. A Amurka misali, hukumar tsaron zamantakewa, wadda ke biyan kuɗin ritaya na gwamnati, tana ba da kwana 60 a nemi sake duba hukunci, kuma idan mutum ya nema cikin kwana 30 ba a fara cirewa sai an yanke. A Birtaniya kuma dokar fansho ta 1995, sashe na 91, ta ce a fanshon wurin aiki idan ana jayayya kan adadin, ba a cirewa sai an yanke hukunci a kan jayayyar. Kowace ƙasa da nata, amma kun ga abin da suka haɗu a kai, wanda ya yi magana da wuri shi ke samun a dakata. Zuwa ofis ka yi ƙorafi da baki ka dawo gida ba ya tsayar da wa'adi, ranar da ta cika za a ce ba ka ce komai ba.

Wasiƙar Baba gajera ce. Sunansa da lambar fanshonsa, kwanan watan takardar da aka aiko masa, sai ya ce ban amince da adadin 180,000 ba, ga sitatimen da ke nuna wata 24 ne, ina neman a yafe 72,000 bisa waɗannan rasit, ina neman a dakatar da cirewa har a yanke hukunci, kuma abin da ya rage a raba shi yadda zan iya. Kwafi zai haɗa, asalin takardun su zauna a gida, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan nasa kwafin. Kuma don Allah idan aka miƙo masa fom na amincewa da bashi kada ya sa hannu a tsaye, ya tafi da shi gida a karanta masa, don sa hannun nan zai iya raunana jayayyarsa daga baya.

Idan ofis ya ƙi, ya nemi dalilin a rubuce, da wannan amsar ce zai je mataki na gaba, hukumar da ke sa ido kan fansho ko mai sauraron ƙorafin jama'a, daga nan sai kotu, ƙungiyar 'yan fansho ko lauyan taimakon shari'a na iya raka shi. In an karɓi hujjojinsa duka, 72,000 ne ya rage a kansa, a wata 24 kuwa 3,000 kenan duk wata, alat ɗinsa zai riƙa nuna 37,000. In an ƙi yafewar amma aka karɓi gyaran lissafi da rabawar, 34,000 ne na wata 24, sannan ya koma 40,000 ɗinsa. Ya rubuta watan ƙarshen a wuri mai kyau ya kuma duba alat na watan da ke biye, don cirewar da aka saka a kwamfuta wani lokacin ba ta tsayawa sai an je an ce a tsayar.