Mutum Ɗaya Ya Ƙi Biya, Ribar Tara Ta Tafi

A ce kana da naira miliyan 1, ka raba wa mutum goma da ka sani a kasuwa, kowa dubu 100. Ka sayo musu kaya, shinkafa ce ko atamfa, ka sayar musu bashi a kan dubu 110, za su biya cikin wata uku. A takarda, ribarka dubu 100 ce.

To, mutum ɗaya ya kasa biya. Sauran taran sun kawo maka ribar dubu 90, shi kuma ya tafi da uwar kuɗi dubu 100. Ka yi wata uku kana bin mutane, ka tashi da asarar dubu 10. Kuma da yake abokinka ne ko surukinka, kunya ba za ta bari ka matsa masa ba. Wannan lissafin ne mutane da yawa ba sa yi kafin su saki kuɗi.

Kafin mu je ga kariya, a bambance abu biyu. Ka ba da rancen kuɗi a dawo maka da ƙari, wannan kuɗin ruwa ne, kuma Musulunci ya haramta shi. Idan kuma jari ka bayar a raba riba, wato mudaraba, ka sani in an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, kai mai kuɗi asarar za ta hau. Saboda haka duk wanda ya ce "kawo dubu 500, kullum ƙarshen wata kana da dubu 50, ba faɗuwa", ka tambaye shi daga ina. Sau da yawa da kuɗin sabon shiga ake biyan na tsoho. Alamarsa, riba tana zuwa a kan lokaci, amma ranar da ka nemi uwar kuɗinka sai a fara "kaya na hanya".

Me za ka yi? A rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi da wa'adinsa, a kafa shaidu, ayar da ke biye kuma ta ambaci jingina. Takardar ta nuna adadi, ranar biya, da sa hannun shaidu biyu. A samu wanda zai tsaya masa, wanda ya yarda a rubuce zai biya in an gaza.

Sannan ka sa biyan ya zama mako-mako, ta banki, don shaida ta zauna. Dubu 110 a mako 11, dubu 10 ke nan duk mako. Wanda ya tsallake biyu a jere, ka gano matsala tun tana ƙarama, kada ka ƙara masa ko sisi.

A adashi ma, haɗarin yana wurin wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Sabon shiga ya karɓi kwasar ƙarshe, uwar adashi kuma ta riƙe littafin da kowa zai iya dubawa.