A Ajiye Linzami, A Danna Tab

An rubuto wannan daga laccar da aka yi wa masu haɗa shafukan intanet a Abuja.

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu ɗauki fom guda na neman aiki, mai farin bango, da rubutu ruwan toka, da koren maɓallin aikawa.

Bari mu fara da rubutun. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, tana auna bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21:1. Rubutu na yau da kullum sai ya kai 4.5:1, babba kuwa, daga 24px, 3:1 ta wadatar. Tokar nan #999999 da masu zane ke so, a kan fari 2.85:1 take bayarwa, ta faɗi warwas. Hatta #777777 a 4.48:1 ta tsaya, sai #767676 ke haurawa da ƙyar. Ido ba zai raba muku waɗannan biyun ba, shi ya sa ake zuba lambobin a WebAIM Contrast Checker. Ni dai ba na son a tsaya daidai bakin iyaka, domin mai yanar ido dishi-dishi yake gani, balle a ce a waje yake, rana na dukan gilashin.

Wannan shi ne mai sauƙin, na'ura na kamawa. Na biyun sai ka gwada da hannunka.

Da yawa daga masu raunin gani kibiyar linzami ɓace musu take yi, sai su bi shafi da Tab. Zoben da ke kewaye akwatin da aka isa shi ne ke gaya musu inda suke. To sai mai zane ya ce zoben ya ɓata kwalliya, ya rubuta `outline: none`. Shi ke nan, baiwar Allah tana ta danna Tab, ba ta san ko Enter zai aika fom ɗin ko zai soke shi ba.

Gyaransa gajere ne:

```css
:focus-visible {
  outline: 3px solid #1a1a1a;
  outline-offset: 2px;
}
```

Ku lura da layi na uku. Shi ma zoben ana so ya kai 3:1 da launin da ke maƙwabtaka da shi. Idan ya manne da koren maɓalli yana iya sajewa, amma wannan 'yar tazara tana ɗora shi a kan farin bango, sai ya fito fili. In bangon mai duhu ne, a sauya zoben ya koma mai haske.

Yanzu kowa ya ture linzaminsa gefe. A ƙara girman shafin zuwa 200%, a bi fom ɗin da Tab har ƙasa, a dawo da Shift+Tab. A wajen dawowar nan asiri ke tonuwa: kan shafin da aka liƙe a sama yakan rufe akwatin da ake kai gaba ɗaya. WCAG 2.2 ta shekarar 2023 ta hana wannan, kuma `scroll-padding-top` daidai tsayin kan shafin yakan magance shi. Malam na can baya, na ga ka ɗaga hannu, a ina zobenka ya ɓace?