Fodkas daga Damagaram: Rijiyar Malam Sani da sakin layi guda

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da war haka daga Damagaram. Yau Ramatu ce ta kawo ƙara, wai an ba su aikin nazarin siffantawa a waƙa, ta cika shafi biyu, malaminsu ya rubuta mata "ina nazarin?"

Ramatu: Wallahi Malama har yanzu abin na cina.

Hadiza: To Malam Sani ya rubuto mana 'yar waƙa ƙwar biyu, baiti uku, mu yi gwaji da ita. Bisimilla Malam.

Sani: Ku yi haƙuri da karin, ni ba sha'iri ba ne.

Inna rijiya ce a tsakar gida,
Kowa da gugansa, ba ta hana.

Na leƙa ciki don in gano ƙasa,
Sai fuskata, sai duhu, ba magana.

Rani ya kai, guga sai yashi,
Mu ko ƙara igiya muke, har bana.

Hadiza: Ramatu, me za ki rubuta?

Ramatu: Zan ce marubucin ya yi amfani da siffantawa, tunda ya ce Inna rijiya ce kai tsaye. Da ya sa "kamar", da kamantawa ce. Sannan rijiya tana nufin alheri.

Hadiza: Daidai ne, amma kin tsaya a baitin farko. Sau nawa aka ambaci rijiya a waƙar?

Ramatu: Sau ɗaya... a ɗangon farko kawai.

Hadiza: Yauwa. Daga nan sai kayanta ke magana: guga, leƙawa, duhu, yashi, igiya. Su za ki bi, don su ke juya ma'anar. Ga yadda ni zan rubuta shi:

"A wannan waƙa an siffanta uwa da rijiya, amma abin da rijiyar ke nunawa yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. A baitin farko tana 'tsakar gida' kuma 'ba ta hana', wato uwa mai kyauta wadda ke kusa da kowa. A baiti na biyu mai magana ya ajiye guga ya leƙa, sai zurfin da ke tara ruwa ya koma zurfin ciki: 'sai fuskata, sai duhu'. Ɗan da ya so sanin uwarsa kansa kawai ya gani. A baiti na uku guga ya dawo da yashi, rijiyar da ke bayarwa ta zama wadda aka ƙarar. A nan ne kuma 'kowa' na farkon waƙar ya koma 'mu', mai magana ya sa kansa cikin masu ƙara igiya. Saboda haka siffantawar ta faro da yabon uwa, ta ƙare da tuhumar 'ya'yanta."

Ramatu: Ikon Allah, shi ke nan? Ko rabin shafi bai kai ba.

Hadiza: Ya isa. Jimlar farko ta faɗi matsayata, kowace da'awa na jingina ta da ɗan guntun ɗango, ta ƙarshe ta faɗi inda sauyin ya kai mu.

Ramatu: Ni da zan sa karin maganar nan, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Sani: A'a 'yata, a waƙar nan wane guga ya hana? Babu. Karin maganar na da daɗi, amma kin shigo da ita daga waje. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in kin kasa ɗora yatsa kan ɗangon da ke goya miki baya, goge jimlar. Sai dai Malama, ina da ja a kan tuhumar nan. Ni tausayi nake nufi. Duk wanda ya tashi a unguwar Birni ko Zango a nan Damagaram ya san wahalar ruwa da rani, ya san jiran 'yan garuwa. Mai ƙara igiya ba mugu ba ne, ƙishi ne ya sa shi.

Hadiza: Na yarda, ana iya karanta shi haka, kuma "rani ya kai" na goya maka baya, don laifin ya koma kan lokaci. Amma kai ka rubuta "har bana", Malam. Sun ga yashi, ba su bari ba.

Sani: Amsa-amo nake nema! Hana, magana, bana.

Hadiza: Mai nazari takarda yake gani, ba ya ganin zuciyarka. Ramatu, in kin fi son karatun Malam, sauya jimlar ƙarshe kawai, ki kawo "rani ya kai" a matsayin hujja.

Ramatu: In na haɗa duka biyun fa?

Hadiza: Ya halatta, muddin kin faɗi wanda ya fi rinjaye a wurinki da dalilinki. Rubuto mana shi, mu karanta mako mai zuwa.