Tana son sa, amma ba ta sha'awarsa

Hadiza: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Bashir, ga mace tana son mijinta. In ya yi tafiya barci ya gagare ta, in wata ta kalle shi kishi ya taso mata, amma maganar shimfiɗa ko a jikinta. Ba yaudarar kanta take yi ba kuwa?

Bashir: Ko kusa, Malama Hadiza. Marigayiya Helen Fisher, wadda ta daɗe tana binciken soyayya, ta raba abin gida uku. Akwai sha'awar jiki, wadda sinadaran testosteron da estirojin ke hura wutarta. Akwai bege, inda mutum ɗaya ke cika maka tunani, wannan kuma dofamin ne a gaba. Sai shaƙuwa, wadda ke da alaƙa da oksitosin. Sukan tafi tare, amma ba dole ba ne.

Hadiza: To ta yaya mutum zai gane wanne ke damunsa?

Bashir: Sha'awa takan kwanta in an biya buƙata, kuma ba lallai ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Bege kuwa mutum ɗaya kaɗai yake so. Ki kawo wanda ya fi shi kyau, a banza.

Hadiza: Shi ya sa wani zai yi ta rawar jiki a kan mace, amma kwana biyu ko sunanta bai tuna ba!

Bashir: Kin gane ke nan. Mu koma kan matar nan. Tambayar farko ita ce: tun yaushe? In da can tana ji, sai abin ya ɗauke, a nemi dalili. Shayarwa tana ɗaga sinadarin firolaktin, estirojin ya sauka, sha'awa ta ja baya. Wasu magungunan ciwon damuwa ma suna yin haka, son yana nan daram, jikin ne ya yi shiru. Wannan a je wa likita, kada a yanke magani da ka.

Hadiza: In kuma ta ce tunda ta balaga ba ta taɓa ji ba fa?

Bashir: Nan magana ta canza. A 2004 Anthony Bogaert ya duba amsoshin mutum sama da 18,000 a Birtaniya, ya ga kusan kashi 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. Da yawa cikin irin waɗannan suna soyayya, suna kewa, suna son a riƙe musu hannu.

Hadiza: Ni mijin nake tausayi. Zai ɗauka shi ne ba a so.

Bashir: Haka fa, don shi a wurinsa biyun a haɗe suke zuwa. Gara ta faɗa masa ƙarara abin da take ji da wanda ba ta ji, da ta riƙa fakewa da ciwon kai kullum dare.