Wasiƙar da Mai Shago ke Rubuta wa Dila Kafin Ya Sari Wayoyi

A 'yan kwanakin nan ana ta ja-in-ja tsakanin masu shagunan waya da dilolin da suke sari a hannunsu, kuma kusan duk rigimar a kan magana ɗaya take: dila ya ce akwai garanti na shekara ɗaya, mai shago ya biya kuɗi, waya ta lalace a hannun kwastoma, sannan kowa ya ce ba shi ne zai ɗauki nauyinta ba. Wasiƙar da za mu duba a nan wani mai shago ne ya shirya ta kafin ya sari wayoyi hamsin, kuma za mu bi ta sakin layi bayan sakin layi, amma a kan na uku za mu daɗe, domin a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe.

Farkonta gajere ne. Ya rubuta kwanan wata, ya yi sallama, ya ce: "Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da niyyar sarin wayoyi hamsin daga wurinku, amma kafin in tura kuɗi ina roƙon ku amsa mini tambayoyin da ke ƙasa a rubuce." Ya faɗi adadin tun a jimlar farko domin dila ya san da gaske ake, ya kuma nemi amsa a rubuce domin maganar da aka yi ta baki a waya ba ta zama hujja ranar da aka samu saɓani.

Sakin layi na biyu kan bayanan wayar ne. A nan bai tsaya ga sunan da ake kiranta da shi a kasuwa ba, ya nemi cikakkiyar lambar samfuri kamar yadda aka buga ta a jikin kwali. Ɗauki misalin kwalaye biyu. Dukansu suna ɗauke da sunan Galaxy A15, amma ɗaya lambarsa ta fara da SM-A155, wadda ke aiki da 4G, ɗayan kuma SM-A156, mai 5G, kuma injin da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Haka nan iPhone 14 da aka sayar a Amurka tun daga 2022 ba ta da wurin saka layi kwata-kwata, da eSIM kawai take aiki, wato layin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba, alhali wadda aka kai wasu ƙasashe tana da shi. Saboda haka ya tambayi kasuwar da aka ƙera wayoyin dominta, da zangon sadarwar da suke kamawa, da adadin layukan da suke ɗauka. Ya kuma ce a rubuta masa ainihin girman RAM, domin idan kwali ya ce 8+8, takwas na biyun aro ne daga ma'ajin wayar, kuma ba ya sauri kamar na farkon. Ya rufe da tambaya ko sababbi ne da ba a taɓa kunna su ba, ko waɗanda aka gyara aka sake rufewa ne, da kuma ko akwai caja a cikin kwalin.

Yanzu ga sakin layin garanti. Kuskuren da ake yi shi ne a tambayi dila, "Akwai garanti?" ya ce akwai, na shekara ɗaya, sai a ɗauka an gama magana. Wannan amsar ta faɗi tsawon lokaci kawai, ta bar abin da zai raba gardama a rufe, wato wanda ya ba da garantin da kuma ranar da aka fara ƙirga shekarar.

Ga yadda mai shagon ya rubuta tambayar farko: "Ina son sanin ko garantin na kamfanin da ya ƙera wayar ne, wanda kwastoma zai iya zuwa cibiyar gyaransu da rasit a karɓe shi, ko kuwa naku ne, wanda sai an dawo muku da wayar." Bambancin yana da girma. Garantin kamfani yawanci a ɗaure yake da yankin da aka tura wayar, shi ya sa tambayar lambar samfuri da ke sama ta sake dawowa a nan. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta a sharuɗɗansa cewa yana iya taƙaita gyaran iPhone ga ƙasar da aka fara sayar da ita. Idan dila ya shigo da kayan da aka yi wa wata kasuwa, wayar asali ce, ba jabu ba ce, amma cibiyar gyara tana iya duba lambarta ta ce ba ta cikin waɗanda take da alhakinsu. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne alƙawarin dila shi kaɗai, kuma ƙarfin alƙawarin ya dogara ga abin da ya sa hannu a kai.

Tambaya ta biyu ita ce, a ganina, ta fi duk sauran tsada idan aka manta da ita: "Daga wace rana watanni goma sha biyun suke fara aiki: ranar da kuka ba ni rasit, ranar da na sayar wa kwastoma, ko ranar da aka fara kunna wayar?"

Ku bi wannan lissafin. A ce dila ya ba da rasit a farkon Janairu, kuma garantinsa daga ranar rasit yake farawa, don haka zai ƙare a ƙarshen Disamba. Daga cikin wayoyi hamsin ɗin, wasu za su fita a makon farko, wasu kuma za su zauna a kanta. A ce ɗaya ta zauna wata huɗu, aka saye ta a farkon Mayu, mai shago ya gaya wa kwastoma da zuciya ɗaya cewa yana da garanti na shekara ɗaya, wato har ƙarshen Afrilu mai zuwa. A watan Fabrairu wayar ta daina caji. A lissafin kwastoma tana cikin wata na goma, kuma yana da gaskiya. A lissafin dila tana cikin wata na goma sha huɗu, shi ma yana da gaskiya. Watanni huɗun da ke tsakani, mai shago ne zai ɗauke su daga aljihunsa, ko dai ya biya gyara, ko ya ba da wata wayar, ko ya rasa kwastoma. Kuma duk wayar da ta ƙara jimawa a kanta, wannan tazarar tata ƙara tsawo take yi.

Idan amsar dila ta zo cewa daga ranar rasit ne, ba lallai ne a fasa cinikin ba. Mai shago yana iya neman a ƙara masa watanni na zaman kanta, ko ya rage adadin da zai sara zuwa abin da ya san zai sayar da wuri, ko kuma ya riƙa rubuta wa kowane kwastoma ainihin ranar da garantinsa zai ƙare. Dukkan waɗannan hanyoyin a buɗe suke kafin a biya kuɗi. Idan kuma aka ce daga ranar kunnawa ne, sai wata tambaya ta taso, wadda ya sa a layi na gaba: shin an taɓa kunna ko ɗaya daga cikinsu a hanya? Akwai wayoyin da ake buɗewa a kunna su don gwaji ko don sauya musu manhaja, sannan a mayar da su cikin leda, kuma agogon garantinsu ya riga ya fara tafiya tun kafin su iso shago.

Hanyar da ya bi don toshe wannan ƙofar ita ce neman jerin lambobin IMEI na dukkan wayoyin, wato lambar shaidar da ta bambanta kowace waya da sauran, a haɗe da rasit. Lambar tana da alƙaluma 15, kuma za a gan ta a kowace waya idan aka danna wannan:

```
*#06#
```

Wayar da ke ɗaukar layi biyu za ta nuna lambobi biyu. Abin da ya fito a sikirin dole ya yi daidai da wanda ke jikin kwali da wanda ke cikin jerin dila. Da wannan lambar, ko da lambar siriyal, ake duba matsayin garanti a wurin kamfanonin da suka ba da damar yin haka, kuma da ita ake hana dila cewa wayar da aka dawo masa da ita ba daga wurinsa ta fito ba.

Sauran tambayoyin sakin layin sun fi sauƙi, amma bai bar su ba. Ya raba wayar da aka buɗe aka tarar ba ta aiki tun daga kwali da wadda ta lalace bayan an yi amfani da ita, domin ta farko musanya ta kamace ta, ta biyu kuma gyara. Ya tambayi kwana nawa yake da su don kai rahoton ta farkon, da ko kwanakin daga ranar da aka ɗora kaya suke farawa ko daga ranar da ya karɓa. Idan wa'adin kwana bakwai ne daga ranar ɗora kaya, kuma kayan suka yi kwana biyar a hanya, kwana biyu kacal suka rage masa ya buɗe kwali hamsin. Ya tambayi wanda zai biya kuɗin mayar da kaya da dawo da su, da tsawon lokacin da gyara ke ɗauka, da ko batir da caja suna da wa'adi ɗaya da wayar, tunda wasu masu sayarwa suna ba su wa'adin da ya fi gajarta.

Ya kuma nemi a lissafa masa abubuwan da ke soke garanti. Fashewar gilashi, shigar ruwa, da buɗe wayar a wurin mai gyaran da kamfani bai amince da shi ba, kusan ko'ina suna ciki. Akwai wani ɗan farin tambari, wanda a wayoyi da yawa yake cikin ramin saka layi, da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi, kuma shi ne abin da mai gyara zai fara haskawa. Yana da kyau mai shago ya duba shi a gaban kwastoma kafin ya karɓi waya da sunan garanti.

A sakin layi na ƙarshe ya roƙi a aiko masa da waya ɗaya ta gwaji daga cikin kayan da za a ba shi, tare da hoton gefen kwali inda lambobin suke. Ya ce amsar da za su ba shi za ta zama ɓangare na yarjejeniyar cinikin, don haka ta zo a takardar kamfani da sa hannu da kwanan wata, sannan ya yi godiya ya sa hannu. Idan amsa ta iso, sai ya ajiye ta kusa da wasiƙarsa ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda aka tsallake ko aka amsa da "babu matsala" ya sake aika ta ita kaɗai, ya jira ranar farawa da sunan mai garantin su fito a rubuce kafin ya tura kuɗi.